Wa ya yi aikin? Rigimar suna a ƙaramin asibiti

Duk wanda ya taɓa shugabantar ko da mutum biyar ne ya san cewa ba kullum kuɗi ke haɗa ma'aikata faɗa ba. Wani lokaci sunan da aka ambata ne, da wanda aka tsallake. Zan ba da labarin wata irin wannan rigima da ta zo gabana a wani ƙaramin asibiti da nake kula da shi a yankin Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, kuma mutanen biyu zan kira su Hajiya da Malam kawai, domin har yanzu suna aiki tare kuma mutuncinsu amana ne a wuyana.

Sai an fahimci aikin kafin a fahimci faɗan. Jariri yana karɓar allurar Fenta sau uku: yana da sati 6, da sati 10, da sati 14, sannan ta ƙyanda idan ya kai wata 9. Matsalarmu ita ce uwa ta kawo yaro karo na farko, ba a sake ganinta ba. Akwai lissafin da muke gane girman wannan da shi: ka cire yawan waɗanda suka karɓi ta uku daga waɗanda suka karɓi ta farko, ka raba da na farkon. A misali, idan yara 100 suka fara, 70 suka kammala, to kashi 30 sun zube a hanya, alhali ƙa'ida ita ce kada abin ya haura kashi 10. Mu mutanen Sakkwato ba mu manta da binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ba, wanda ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran jiharmu ne suka sami Fenta ta uku. Daga nan ne hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a 2017. Saboda haka a wurinmu, duk wanda ya rage wannan zubewa, za a ji sunansa.

Malam matashi ne, shi ke riƙe da rajista. Ya zauna ya bi ta shafi-shafi, ya fitar da sunan kowane yaro da ranar allurarsa ta wuce, ya rarraba su unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, kuma duk ƙarshen mako yana sabunta jerin. Hajiya ta girme shi nesa ba kusa ba, ta daɗe a aikin lafiyar al'umma. Ita ce ke ɗaukar jerin ta shiga gidaje, inda namiji baƙo ba zai wuce zaure ba. Sunan da ke rajista sau da yawa ba shi ake kiran yaro da shi a gida ba, uwa kuma tana iya tafiya wankan jego gidan iyayenta a wani gari, wasu har cikin ƙasar Kebbe. Hajiya ce ke warware wannan ta hannun ungozoma da masu unguwa. Ita ce kuma ke zama da kakar da ta hana a koma saboda yaro ya yi zazzaɓi bayan allurar farko, ta yi mata bayani har ta sauko. Cikin 'yan watanni lissafinmu ya gyaru sosai.

A taron bita na wata-wata da ake yi a Tambuwal, Malam ne ya tashi ya gabatar da alƙaluma, tunda aikinsa ne. A bayaninsa ya ce "na fitar da jeri, na bi yaran, na dawo da su". Aka yaba masa, kuma da aka nemi sunan mutum ɗaya da zai je wata bita a Sakkwato, nasa aka rubuta. Labari ya riga shi isowa gida.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kawo ƙara ba. A takarda na fara ganin abin. Jerin da Malam ke ba ta ya riƙa dawowa babu alamar biro ko ɗaya, kuma ranar rigakafi masu zama a benci suka fara raguwa. Gaisuwarsu ta koma ta "ina kwana" a tsaye. Ina roƙon 'yan'uwana shugabanni su lura da wannan: wanda aka danne wa suna ba kasafai yake yajin aiki ba, yakan daina ƙarin nan da ba wanda ya wajabta masa, ya tsaya daidai kan abin da aka rubuta masa. A aikinmu kuwa ƙarin nan shi ne aikin. Yaron da ba a bi ba, shi ne zai biya kuɗin faɗan manya.

Hanya mafi sauƙi ita ce in tara su in ce ku yi haƙuri, ku yafi juna, duk don Allah muke yi. Na ƙi bin ta, kuma har yau ina ganin zalunci ne a fara da ita. Haƙuri a wannan gaɓa yana nufin wanda ya samu ya riƙe abin da ya samu, wadda ta rasa ta yi shiru. Addininmu ya zargi mai son a yabe shi kan abin da bai yi ba, ya kuma hana alƙali yanke hukunci kafin ya ji ɓangare na biyu. Dole in riƙe duka biyun.

Na fara da Hajiya ita kaɗai, bayan an tashi aiki. Na ce, "Hajiya, jerin nan yana dawowa fari fat, lafiya?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai mai aikin yana nan, shi da ya bi yaran ya dawo da su. Ni mi nawa a ciki?" Na bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta ban katse ta ba, ban kuma ce mata tana da gaskiya ba. Washegari na zauna da Malam. Shi a ganinsa bai yi laifi ba: minti kaɗan aka ba shi, kuma kafin ya fitar da jerin, shekaru ana shiga gidaje ba a ga canji ba. Wannan magana tasa tana da ƙamshin gaskiya, kuma wajibi ne shugaba ya yarda da hakan ko da zuciyarsa ta karkata ga dattijuwa.

Tambaya ɗaya na yi wa kowannensu, ita ce ta buɗe ƙofa: ka kwatanta mini aikin ɗan'uwanka daga farko har ƙarshe, kamar gobe kai za ka yi shi. Malam ya fara, bai yi nisa ba ya tsaya, domin bai san yadda ake gano yaron da aka rubuta da wani suna ake kiransa da wani ba. Hajiya ma ba ta san cewa fitar da jerin yana cin masa yammacin Alhamis gaba ɗaya ba, yana daidaita rajista da katunan yara. Kowa yana ganin gumin kansa ne, na ɗan'uwansa sakamako kawai yake gani.

Sai na haɗa su, na shimfiɗa abu uku a tebur: rajista, jerin Malam na makonnin baya, da ɗan littafin Hajiya inda take rubuta gidajen da ta shiga. Muka ɗauki yara kaɗan daga waɗanda suka dawo, muka bi sawun kowane. Ga ranar da sunansa ya fito a jeri da rubutun Malam, ga ranar da aka shiga gidansu da rubutun Hajiya, ga ranar da aka yi masa allura. Babu yaro ɗaya da ya dawo ta hannun mutum ɗaya. Ban nemi a raba kashi-kashi ba, wai wane yana da sittin wance arba'in, domin wannan sabon faɗa ne. Abin da na nema shi ne a amince da jimla biyu: shi ya gano su, ita ta dawo da su.

A nan Malam ya ce, "Inna, ki gafarce ni. In na dawo daga Sakkwato sai mu raba alawus ɗin." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ta ƙi, kuma na fahimce ta. Na tuna labarin maganin insulin na masu ciwon suga. A 1923 aka ba Frederick Banting da John Macleod kyautar Nobel a kansa. Banting ya fusata don an bar Charles Best da suka yi gwaje-gwajen tare, ya raba kuɗinsa da shi, Macleod ma ya raba nasa da James Collip. Kuɗi ya kai hannun mutum huɗu, amma sunan da ke kan kyautar har yau biyu ne. Hajiya ba kuɗin mota take nema ba. A aikin gwamnati sunan da manya suka ji shi suke tunawa ranar da za a zaɓi mai zuwa horo, ko ranar cike fom ɗin ƙarin girma.

Don haka gyaran ya zama dole a yi shi inda aka yi ɓarnar. A Tambuwal aka ce "na yi", gaban abokan aiki daga sauran asibitoci, to ba a ofishina ƙofa rufe za a mayar da haƙƙin ba. A taron wata na gaba na tafi da su biyun. Malam ya karanta alƙaluma, sannan da bakinsa ya ce shiga gidajen aikin Hajiya ne, ya ba ta wuri ta yi bayanin yadda take aiki da ungozoma. Na tsara shi a matsayin ci gaban rahoto, ba tuba a bainar jama'a ba, domin idan na kunyata shi, na gyara ɗaya ne na ɓata ɗaya. Bitar Sakkwato kuwa na bar shi ya je, tunda kan adana bayanai ce kuma fanninsa ne. Amma na rubuta takarda zuwa sama mai bayyana rawar kowannensu, na sa kwafi a fayil ɗin kowa, na kuma nemi a tuna da ita idan horon wayar da kan al'umma ya taso.

Wannan hanya tana da iyaka. Ta yi aiki ne saboda su biyun sun yi aikin da gaske, kuma akwai takarda da ta shaida. Da na tarar Malam ya san abin da yake yi, ya goge sunanta daga rahoto da gangan, ko wani ya ƙara alƙaluman da babu su, to maganar ta tashi daga sulhu ta koma ladabtarwa. Akwai kuma abin da ban iya warwarewa ba: kowannensu ya rantse shi ya fara kawo shawarar bin yaran. A hira aka yi ta, babu rubutu, babu shaida, sai na gaya musu a fili cewa ba zan yanke hukunci kan abin da ba zan iya tabbatarwa ba. Hajiya ba ta ji daɗin wannan ba, kuma ta faɗa mini.

Yanzu duk aikin da zai haɗa mutum biyu, tun ranar farko muna rubuta wa zai yi me, da wa zai yi magana a taro, kuma gabatarwar karɓa-karɓa ce. A ƙasan rahoton wata akwai layi biyu: wanda ya fitar da jeri, da wadda ta bi gidaje, kowa ya sa hannu. Ranar Alhamis suna zama tare su daidaita jerin da littafinta kafin a rufe asibiti.