Layin da Muka Ja a Bayan Kalanda

Mu uku ne, 'yan gida ɗaya a Bagega: tela ɗaya, mai koyon rubuta manhaja ɗaya, sai mai riƙe littafin lissafi. Inna ta ba mu kwasar adashinta domin mu yi manhajar ɗinki ta waya. Kafin mu taɓa kuɗin, muka ce bari mu gwada wani zane da muka koya daga littafin da W. Chan Kim da Renée Mauborgne suka fitar a 2005. Suna kiran kasuwar da kowa ke kokawa a cikinta jan teku, wadda ba a shiga ba tukuna kuwa shuɗin teku.

Zanen ba wuya. A ƙasan takarda kana jera abubuwan da ake gasa a kansu. A gefe kana sa maki daga 1 zuwa 5, gwargwadon yawan abin da mai saye ke samu. Kowane abokin gasa ka ɗiga masa makinsa, ka haɗa ɗigon da layi. Farashi ne kawai ke ruɗa mutane: wanda ya fi tsada shi ke sama.

A bayan tsohuwar kalanda muka jera abu biyar: farashi, yawan salo, kyan aiki, saurin gamawa, da biya ta waya. Muka ja layin telan gari, yana tafe ƙasa-ƙasa. Muka ja na telolin Gusau masu tallar aiki a WhatsApp, ya tashi 4, 5, 4, 3, 4. Namu ya tashi 4, 5, 4, 4, 5. Har mun fara murna, sai muka lura inda layin Gusau ya hau namu ya hau, inda ya sauka namu ya sauka. Wannan ita ce alamar da zanen ke nunawa: in siffar layinku ɗaya, cikin jan teku kake, kuma su sun riga ka da kekuna da suna.

Inna ta leƙa takardar ta ce, "Ku ne kuka ba kanku makin? To ina alƙawari a nan?"

Ta kama mu wuri biyu. Mun yi wa kanmu alƙalanci, sannan abubuwan da muka jera na mai manhaja ne, ba na mai yadi ba. Muka fita tambaya, musamman wajen waɗanda suka daina kai ɗinki. Magidanta suka ce tela ya sha hana su sa sabon kaya ranar idi, shi ya sa suke sayen ɗinkakku a kasuwa. Matan aure suka ce ba sa zuwa shago a auna su. Tsohuwar riga suke ba yaro ya kai, ɗinkin ya dawo ko ya matse ko ya yi burum-burum. Kowa kuma ya ambaci hanyar Anka, wadda ba a binta don kai yadi kawai. Wani ya tuna mana watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya.

Muka sake zane da tambayoyi huɗun da littafin ya kawo: me za a cire, me za a rage, me za a ɗaga, me za a ƙirƙira. Muka cire biya ta waya, a biya hannu da hannu. Muka rage salo zuwa goma. Muka ƙirƙiri awo a gida: mace ta shiga ta auna mata, a adana awon cikin wayar tela ko babu sabis. Muka ɗaga alƙawari, kuma nan ne ya yi ciwo. Yayanmu yana gama kaya biyu a rana, kwana 25 na azumi kaya 50 ke nan. Manhajar tana ƙirga wannan, da an kai 50 sai ta ƙi ba da rana. A sabon zanen layinmu yana ƙasa inda na Gusau ke sama, yana sama inda su da telan gari duk suke ƙasa.

Zanen bai gaya mana ko mutane za su biya ladan mai awo ba, bai kuma hana wani tela kwaikwayonmu gobe ba. Bambanci kawai yake nunawa, ragowar sai a kasuwa.

Ana saura kwana goma salla, ƙanen Baba ya kawo shadda. Yaya ya duba waya ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, an cika. Sai bayan salla." Ya tafi ransa a ɓace, Inna kuma ta yi shiru da ta ji. Jajiberin salla da la'asar muka miƙa kaya na hamsin, muka rufe shago tun kafin magariba.