Sauti ɗaya da muka aro

Mu 'yan kudancin Katsina da aiki ya ɗauke daga gida, da rana muna rubuta manhaja, da dare muna zama gaban fiyano da FL Studio. Tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da yadda mutanenmu na ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka yi ta barin gonakinsu, muke son haɗa waƙar kewar gida. Mun so ta yi nauyi a ƙirji ba tare da ta zama ta zaman makoki ba, domin masu sauraronta sun riga sun ga makokin da ya ishe su.

Mun fara da zaɓen inda waƙar za ta zauna. Karin waƙoƙin Hausa da yawa yana yawo ne a kan sauti biyar, a fiyano su ne C, D, E, G da A. In waƙa tana komawa ta huta a kan C, masu kiɗa suna cewa tana mejo, kunne yana jin haske. In a kan A take hutawa, maino ke nan, sai a ji kamar hadari ya haɗo. Sautukan ba su canja ba, masaukinsu ne ya canja. Mun ɗora baitoci a maino, a kan bugu 66 a minti. Amma maino daga farko har ƙarshe yana gundura, kunne ya saba da shi har ya daina jin komai. Shi ya sa muka mayar da amshi mejo, a daidai wurin da mawaƙin ke tuna ƙofar gidansu.

A cikin amshin ne muka yi aro. Kod shi ne sautuka uku ko fiye da ake dannawa tare, kuma kowane mazaunin waƙa yana da nasa dangin. Mejo na C yana da F, maino na C kuwa Fm gare shi. Sai muka aro Fm ɗin, muka saka shi tsakanin F da C. Kwamfuta da lambobin MIDI take gane sauti, ga yadda take ganin ukun:

```
F  = [65, 69, 72]
Fm = [65, 68, 72]
C  = [64, 67, 72]
```

A dubi lambar tsakiya: 69, 68, 67. Sauti ɗaya ne ke gangarowa taki-taki, na sama kuma yana tsaye a 72. Mun ba F bugu biyu, Fm bugu biyu, wato kowanne bai cika daƙiƙa biyu ba. A cikin wannan ɗan lokacin hasken amshin yake dusashewa, kamar mai ba da labarin garinsu yana murmushi, sai ya tuna wanda ba ya nan.

Aron yana da sharaɗi. Sauti na 68 baƙo ne, ba ya cikin biyar ɗin da mawaƙi ke yawo a kai. In muryarsa tana kan 69 fiyano kuma ya danna 68, ɗaya yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayan kusan 415. Tazarar nan ta 25 kunne yana jin ta kamar gurzar kwano a siminti. Gwajin da sauƙi: a kashe ganguna, a bar murya da fiyano kawai, wurin zai tona kansa.

Wani zai ce a sauke muryar mana. Hausa ba ta cika yarda ba. Layinmu na ƙarshe da kalmar kuka ya ƙare, kukan hawaye, wanda gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. In aka sauke ta biyun don a guje wa karo, kunnen Bahaushe bishiya zai ji. Sai muka ɗaga gaɓoɓin biyu tare zuwa C, lamba 72, wadda ke cikin kod ɗin duka uku. Muryar ta tsaya cak, ƙasan da take kai ne ya motsa.

Saura wurin sauraro. A Sabuwa ko Faskari yawanci a waya za a ji waƙar, kuma ƙaramin lasifikar waya ba ya fitar da sautukan ƙasa sosai. In aka binne gangarowar nan a hannun hagu, can ƙasa, ta ɓace. Mun bar ta a tsakiyar fiyano, muka ƙara mata sarewa mai bin ta a hankali.

Sau biyu kacal muka bar Fm ya fito: a amshi na biyu da na ƙarshe. Na farkon mun bar shi da F zalla, don kunne ya fara sanin hanyar kafin a sauya masa ita. Bayan na ƙarshen ba mu ƙara kalma ba, fiyano ya sauka a kan C, waƙar ta ƙare.