Abin da ruwan tukunya ya koya mini game da awara

Shekarar da albashinmu na malamai ya yi jinkiri, na sayi tiya guda ta waken suya a Maraɗi, da niyyar in yi awara yarana su kai ƙofar lakwal. Na jiƙa waken awa 6, na kai inji, na tace da ƙyalle, na ɗora madarar a wuta. Tana tafasa na juye ruwan tsami gaba ɗaya, na yi ta juyawa. Awarar ta fito da tsami, tana marmashewa a cikin mai. Kuɗin cefanen kwana biyu suka tafi.

Maƙwabciyata, wadda ta daɗe a sana'ar, ta ce: "Malama, ba a kallon awara, ruwanta ake kallo."

Washegari ta tsaya kaina. Da madarar ta tafaso sai ta janye itace, ta riƙa zuba ruwan tsamin gasara ludayi-ludayi, tana dakatawa. In ruwan da ke gefe fari ne kamar madara, tsamin bai isa ba, kuma sauran awara zai bi ruwa ya zube. In ya koma garau, ɗorawa-ɗorawa, a tsaya nan; ƙari kaɗan zai sa ta tauri da tsami.

Muka kwashe cikin ƙyalle, muka ɗaure, muka danne da dutse awa guda. Wuƙa ta shiga sumul, ko yanka ɗaya bai fashe ba. Dusar kuwa, awakina suka cinye.