Hijazi na farkon littafi da Hijazi na tsakiyarsa

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, wasu dattawan Hausawa a Umdurman sun ɗora mini aikin taƙaita musu Ɗabaƙat na Wad Daifullahi da Hausa, don a riƙa karantawa a zaure bayan sallar Magariba, a kuma aika wa 'yan'uwa a Kano da Sakkwato. Marubucin, Muhammadu Nur ɗan Daifullahi, mutumin Halfayatul Muluk ne a arewacin Khartum, ya kuma rubuta littafin a farkon ƙarni na 19. A ciki ya tara tarihin waliyyai da malamai da salihan zamanin daular Funj, sama da mutum 250. Bugun da na yi aiki da shi shi ne wanda Yusuf Fadl Hasan ya tace, ya fito a 1971. Na zaci yaren zai fi ba ni wahala, domin malamin yakan gauraya Larabcin littafi da na kasuwa. Ashe aikin yana wuraren da shafi ɗaya ya faɗi magana, wani shafin can gaba ya faɗi wata.

1. Karo ba ya nuna kansa sai an jera maganganun gefe da gefe. A gabatarwar littafin, Wad Daifullahi ya ce Funj sun rinjayi ƙasar Nuba a shekara ta 910 bayan Hijira, wato 1504 zuwa 1505, kuma Amara Dunƙas ya kafa birnin Sinnar. Ya ƙara da cewa an riga an kafa garin Arbaji, wanda ke bakin Shuɗin Nil a yankin Jazira, shekara 30 kafin nan, kuma Hijazi ɗan Ma'in ne ya kafa shi. Lissafi mai sauƙi ya kai mu 880 bayan Hijira. Can cikin littafin kuma sai ga labarin Shehu Tajuddini al-Bahari, mutumin Bagadaza da ya shigo da ɗariƙar Ƙadiriyya. An ce ya zo a rabi na biyu na ƙarni na 10 na Hijira, a farkon mulkin Shehu Ajib, wato bayan 950. Cikin mutanen da ya ba ɗariƙa an lissafa Muhammadu al-Hamim, da Ban al-Naƙa makaho, da Shehu Ajib kansa, da kuma Hijazi, wanda aka siffanta da cewa shi ya gina Arbaji da masallacinta. In mutum ya kafa gari a 880 yana ɗan shekara 20 kacal, to a 950 ya kai 90, kuma zuwan Tajuddini ya wuce 950 ɗin.

Mai karatu daga farko zuwa ƙarshe ba lalle ya lura ba, domin an jera sunayen ne bisa haruffa, ba bisa zamani ba, kuma shafuka da dama sun raba wuraren biyu. Abin da ya fito da shi a fili takarda ce da na tsaga gida huɗu: sunan mutum, shafin da aka ambace shi, shekarar da aka faɗa ko sarkin da aka ce sun yi zamani, da wanda aka jingina wa labarin. Duk sunan da ya sake fitowa sai in koma layinsa in ƙara. A layin Hijazi, 880 da "bayan 950" suka zauna kusa da juna, ba yadda ido zai kauce musu.

2. Kafin ka ce marubuci ya saɓa wa kansa, auna shi da mudunsa. Nan na fi daɗewa. Wannan littafin da ya sa Hijazi a zamani biyu shi ne kuma ya ba da labarin Shehu Idrisu Wad al-Arbab na Ailafun, garin da ke gaba kaɗan da kufan Soba a gabashin kogi, wanda aka ce an haife shi a 913 ya kuma rayu shekara 147. Marubucin da ya rubuta wannan adadi bai ko girgiza ba, da wuya ya ga wani abin mamaki a ce dattijo mai shekara 90 ko 100 ya miƙa hannu ya karɓi ɗariƙa. Saboda haka akwai yiwuwar cewa abin da ni nake gani karo ne, shi a wurinsa magana ɗaya ce mai tafiya daidai.

Akwai wasu hanyoyin kuma. Ta yiwu Hijazi biyu ne, kaka da jika, tunda sunan kaka yana komawa kan jika a can kamar yadda yake yi a wurinmu. Ta yiwu wani ya kafa garin, na baya ya faɗaɗa shi ya gina masallaci, sai baki ya haɗe su. Ta yiwu shekara 30 ɗin ce ba daidai ba. Sannan Wad Daifullahi ya zo bayan waɗannan mutane da kusan ƙarni uku, yana tattara abin da ya ji daga almajirai da zuriya dabam-dabam, kuma kowane gida yana son a ce kakansa ya karɓa hannu da hannu daga Tajuddini. Dukanmu haka muke da kakanninmu. Idan labari biyu sun fito daga baki biyu, marubucin bai ƙaryata kansa ba, ya dai ajiye amana biyu ne ba tare da ya gwama su ba. Shi ya sa gida na huɗu a takardata, na wanda aka jingina wa magana, ya fi sauran amfani.

3. Mai taƙaitawa ba ya yin sulhu a madadin marubuci. Da na kai maganar zaure, wani dattijo da ya yi shekaru yana karantar da Risala ya ce, "Ɗana, ka rubuta Hijazi biyu ne mana, ka hutar da mutane. Malamin nan ba zai yi irin wannan tuntuɓe ba." Na ce, "Baba, in na rubuta haka, gobe wani a Kano zai ce Wad Daifullahi ne ya faɗa, alhali ni na faɗa." Ya yi shiru, sannan shi da kansa ya tuna mini Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a Sudan kamar yadda ake karanta shi a soraye a Zariya da Katsina. Halilu ma taƙaitawa ya yi, amma tun a farkon littafinsa ya bayyana cewa inda bai samu wanda ya rinjayar da zance ɗaya a kan ɗaya ba, zai kawo zantukan biyu ya bar su. Matse magana bai sa ya haɗiye saɓani ba.

Ga yadda na rubuta wurin a ƙarshe. A ƙarƙashin Arbaji: marubucin ya ce a gabatarwa Hijazi ɗan Ma'in ya kafa ta shekara 30 kafin Sinnar. A ƙarƙashin Tajuddini: marubucin ya lissafa Hijazi, maginin Arbaji da masallacinta, cikin waɗanda suka karɓi ɗariƙa a hannunsa, ya kuma sa zuwan Tajuddini a farkon mulkin Shehu Ajib. Kowane wuri na saka lambar shafin ɗayan. Sannan a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, bayan kalmomin "daga mai taƙaitawa", na ce tsakanin lokutan biyu akwai aƙalla shekara 70, marubucin bai yi bayanin tazarar ba, kuma ga fuskokin da za a iya fahimtar ta. Layi shida ya ci a taƙaitawar da ake ƙirga mata layi. Don in samu wurin sai na rage labaran karamomi guda biyu da suke maimaita juna, domin rage maimaici ba ya canza abin da littafi ya ce, amma share ɗaya daga zance biyu masu karo yana canza shi.

4. Wani karon, almakashin mai taƙaitawa ne ke haifar da shi. A gabatarwar nan dai, marubucin ya siffanta farkon zamanin Funj da ƙarancin ilimi, har ya ce ana cewa mutum kan saki mace wani ya aure ta a ranar ba tare da idda ba, sai da Shehu Mahmud al-Araki ya dawo daga Masar ya koyar da mutane. Amma a labarin Shehu Idrisu, wanda haihuwarsa ta biyo bayan kafa Sinnar da shekara uku, an nuna shi yana yaro yana karatu a wajen malamai a yankin Halfaya. Wanda ya taƙaita gabatarwar da cewa babu makaranta ko ɗaya a ƙasar, ya jefa marubucin cikin saɓani da hannunsa. Abin da malamin ya ce shi ne babu makarantar da ta yi suna, kuma maganar idda ya kawo ta ne a matsayin abin da ake faɗa. Irin waɗannan ƙananan sassauci, "an ce", "mafi yawa", "ba ta shahara ba", su ne na farko da hannu ke kai wa in wuri ya yi ƙaranci. Tun daga nan, duk inda na ga kamar shafi biyu suna faɗa, sai in ajiye taƙaitawata in koma asalin jumlolin tukuna.

5. Abin da kowa ya sani ba shi ne abin da littafin ya faɗa ba. Na je kufan Soba sau da dama a lokacin aikin: tuddan jan bulo a gefen unguwannin da birni ya miƙo, inda a da fadar daular Kirista ta Alwa take. Duk wanda ka tambaya a can zai gaya maka Amara Dunƙas da Abdullahi Jamma ne suka haɗa kai suka rushe ta a 1504. Wannan labarin ya fi fitowa ne daga wani littafin dabam, tarihin sarakunan Sinnar da ake jingina wa Katibus Shuna, wanda hannaye da yawa suka yi wa ƙari a ƙarni na 19. Tun a 1960 masanin tarihi P. M. Holt ya rubuta cewa labarin cin Soba almara ce da ta girma daga baya. Su kuma Abdallab, a nasu labarin na baka, kakansu Abdullahi Jamma suke ba wa nasarar. Matafiyi Dawuda Reubeni, da ya ratsa wurin a wajejen 1523, ya tarar da ita kango, wanda hakan ya nuna ta faɗi amma bai nuna wa ya kayar da ita ba.

Jumlar Wad Daifullahi ta 910 rinjayar ƙasar Nuba ta ambata. Dattawa biyu sun nemi in ƙara sunan Soba a wurin don jama'a su gane, kuma niyyarsu mai kyau ce. Na bar jumlar yadda take, na sa maganar Soba a ƙasan shafi tare da sunan littafin da ta fito daga ciki, kusa da bayanin Hijazi.