Ranar Da Kawu Ya Gyara Mini Karin Magana



Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, kawuna, maƙeri a Gaya, ya kira ni. Ya ci bashin ƙarfe ya ƙera kayan noma, zai kai ƙauyukan Ajingi ranakun kasuwa, yana son in rubuta masa abin da zai rataya a rumfa. In kayan suka wuce farkon damina ba su fita ba, sai baɗi, bashi kuwa ba zai jira ba.

Ban ko yi dogon tunani ba na rubuta kirarin noma: "Na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar." Aka buga, aka rataya. Ranar kasuwa wani dattijo ya sa aka karanta masa, ya ce, "Ɗana, ai ni ne na duƙen, ga bayana shaida." Ya wuce abinsa.

Nan na gane kuskurena. Kirarin ya yabi noma, amma bai faɗa wa manomi komai game da yau ba. Da rani, da kaka, a rumfar taki ko a bakin ɗan siyasa, duk zai zauna. Maganar da ta dace da kowane lokaci ba ta nuna lokacinka.

Sai na nemi karin maganar da ke da gaggawa a cikinta: "Ba a fafe gora ranar tafiya." Na bar ƙashin bayanta, wato "ba a kaza ranar kaza", na canza kalmomi, ta koma "Ba a ƙera garma ranar shuka."

Kawu ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Ɗan nan, wa ya taɓa shuka da garma? Garma ta huɗa ce, fartanya ta noman ciyawa. Shuka sai sungumi." Da an rataya haka, da manoma sun gane ɗan boko ne ya rubuta.

Muka daidaita a kan "Ba a ƙera sungumi ranar shuka." Kafin mu buga, na faɗa wa mutum uku. Kowannensu ya yi murmushi ya ambaci gora da kansa. Gwajina ke nan har yau: in mai ji bai tuno ta asalin ba, an yi nisa da ita, in bai ji sabon abu ba, ba a taɓa ta ba.

Da aka yi ruwan shuka, Kawu ya sauke ƙyallen da hannunsa. Na ce me ya sa? Ya ce, "An yi shuka. Yanzu ka nemo mana ta fartanya."

Har yanzu ina nema. Wa ke da ita?