Ranar da shafi ya fito tsirara

Duk wanda ya taɓa neman abu a intanet a Damagaram ya san wannan kamar. Ka buɗe shafin da ka saba gani da launi da hotuna, sai ya fito maka fari fat, rubutu baƙi ya jeru daga sama har ƙasa a gefen hagu, mahaɗai shuɗaye da layi a ƙarƙashinsu, wani hoto ɗaya ya kumbura ya cika allo. Mu ɗalibai sunansa ɗaya a wurinmu: "rezo ne." Wasu su ce birus ne. To, wani lokaci rezon ne, amma ba kullum ba, kuma maganar birus ɗin nan ta kusa cinye mini aikin wata biyu.

Shafin intanet ba abu guda ba ne da ke tahowa a dunƙule. Abin da ke fara isowa shi ne HTML, wato rubutun da ƙashin ginin: ga take, ga sakin layi, ga jeri. A cikinsa akwai layuka da ke ce wa burauza ta je wani wuri ta ɗauko sauran kaya. Ga misalinsu:

```
<link rel="stylesheet" href="https://cdn.example.com/style.css">
<script src="https://cdn.example.com/app.js"></script>
```

Layin farko yana aika ta ɗauko CSS, shi ne ke faɗin launi da girman baƙaƙe da inda kowane abu zai zauna. Na biyu na JavaScript ne, mai sa maɓallai su yi aiki. Tun 1996 da CSS ya fito a hukumance aka raba rubutu da adonsa haka. In kun lura da tsofaffin gidajen Birni masu zane a fuskar zaure, maginin tubali daban ne, mai shafe da zane daban, kuma in na biyun bai zo ba gida yana nan tsaye. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kowane aike tafiyarsa daban, kuma sau da yawa ba ma gida ɗaya ake zuwa ba: rubutun daga wata saba, adon daga wata. In aiken farko ya dawo, na biyu ya maƙale, burauza ba ta tsayawa ta yi maka bayani. Shimfiɗa abin da ta samu kawai take yi.

A bara muna haɗa ekspoze kan kalmomin Hausar Damagaram, ni da abokiyar karatuna. Na yi ta zuwa Mirriya ina naɗar hira da tsofaffin mata, duk muryoyin suna cikin tsohuwar kwamfutar yayana da ya bar mini. Ba kasafai nake haɗa ta da intanet ba, don mega tsada gare shi, a salula nake yawancin bincike. Akwai wani shafin ƙamus da muke gwada kalmominmu da nasa. Ran nan na haɗa kwamfutar da salulata na buɗe shi, sai ga shi tsirara.

Ga mai karanta labarai wannan ƙaramar matsala ce, labarin yana nan, muninsa kawai zai haƙura da shi. Ƙamus kuwa rabin ma'anarsa a ado take. Kalmar da ake fassarawa da kaurin rubutu, ajinta a karkace, alamar karin harshe da ɗan ƙaramin rubutu, misali an turo shi ciki. Da CSS ya ɓace duk suka zama layi ɗaya mai kama ɗaya, ban iya gane inda fassara ta ƙare misali ya soma ba. Har abubuwan da aka ɓoye, irin jerin zaɓi da ba ya buɗewa sai an taɓa, duk sun bazu a fili, domin umarnin ɓoye su ma a cikin CSS yake. Akwatin nema yana nan, amma in ka rubuta kalma ka danna, shiru.

Abokiyata ta kira wani mai gyara da ta sani. Ko ganin injin bai yi ba ya ce, "Ƙanwata, birus ne, ki kawo a yi formate, jika biyar." Formate kuwa sharewa ce gaba ɗaya, har da muryar tsohuwar da ta yi mini awa guda tana lissafa sunayen kayan saƙa. Na ce a dakata.

Abu na farko da na yi shi ne buɗe shafin nan a salula, a kan rezo ɗaya. Ya fito lafiya da adonsa. Wannan gwajin kaɗai ya wanke mutum biyu: masu shafin da kamfanin waya. Saura kwamfutar. Na danna `Ctrl+F5`, wanda ke tilasta wa burauza ta sake ɗauko komai sabo maimakon abin da ta adana, domin in rezo ya yanke a tsakiyar aike wannan yakan isa. Bai canza kome ba. Sai na danna `F12` na shiga `Console`, inda burauza ke rubuta ƙorafinta da jan rubutu ba tare da ta nuna wa kowa ba. Layi biyu ne, ɗaya na fayil mai ƙarewa da `.css`, ɗaya na `.js`, kowanne da wannan a gabansa:

```
net::ERR_CERT_DATE_INVALID
```

Ko ba ka jin Ingilishi ka ga `DATE` a ciki. Na kai ido kusurwar allo, sai ga kwamfutar tana cewa muna cikin Janairun 2012.

Ga yadda agogo ke tuɓe wa shafi riga. Duk adireshin da ya fara da `https` yana gabatar da takardar shaida kafin a karɓi kayansa, kuma takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na Let's Encrypt, waɗanda shafuka da yawa ke amfani da su, an saba ba su kwana 90 ne kacal. Burauza ba ta da kalandar kanta, agogon injin take tambaya. In agogo ya ce 2012, takardar da aka bayar watan jiya, a ganinta, lokacinta bai zo ba tukuna, sai ta ƙi kayan. Shi ƙamus ɗin tsohon shafi ne mai `http` zalla, ba a tambayarsa takarda, shi ya sa rubutun ya shigo. Adonsa da maɓallansa kuwa daga wata saba mai `https` suke zuwa, su aka tare a ƙofa.

Abin da ya fi ba ni haushi a tsarin nan shi ne shirun. In babban shafin ne takardarsa ta samu matsala, burauza za ta cika maka allo da gargaɗi. Na gwada wani shafi mai `https` nan take, ta ce agogona yana baya, ɓaro-ɓaro. Amma in ɗan aiken da ke bayan fage ne aka tare, ba gargaɗi ba sallama, sai dai ka ga shafi tsirara ka yi ta zargin rezo. A ganina layi ɗaya a saman shafi, mai cewa an hana wasu kaya shigowa, da ya hana masu gyara da yawa cin kuɗin banza.

Dalilin komawar agogon baya shi ma ba asiri ba ne. Cikin kwamfuta akwai ɗan batir, a yawancinsu mai faɗin kwabo ne da ake kira `CR2032`, aikinsa riƙe lokaci in an kashe injin. Nawa ya mutu, babban batirin ma ya daɗe da mutuwa, don haka duk sanda aka ɗauke wuta injin ya mutu tare da mantuwa. Wanda ya zauna a garin nan bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ya san sau nawa ake ɗaukewa a yini. Na gyara kwanan wata da hannu, na sake loda shafin, kalmomi suka koma da kaurinsu, akwatin nema ya farfaɗo. Daga baya aka canza mini ɗan batirin, kuɗinsa bai kai rabin na formate ba.

Ba kowane tsiraici ne na agogo ba, kuma jan rubutun ne ke bambanta su. In ka ga `ERR_BLOCKED_BY_CLIENT`, wani abu ne da aka ɗora wa burauzar, galibi mai tare talla, ya ɗauki fayil ɗin ado a matsayin talla. Kashe shi a wannan shafin ka gani. In ka ga `Mixed Content`, akasin nawa ne: shafi mai `https` yana kiran ado ta `http`, burauza ta ƙi, don kada wani a hanya ya sauya kayan. Firefox ta fara tare irin wannan tun 2013. Wannan ba naka ba ne, ko injin wa ka ara haka zai fito, sai masu shafin sun gyara.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu nazarin harshe kai tsaye. Wasu shafuka ta cikin CSS suke aiko da nau'in rubutun da ke da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. In an tare shi, sabon inji zai aro baƙin daga wani nau'in, ka ga ƙ ta fi ƴan'uwanta tsawo ko siranta. Tsohon inji kuwa ɗan akwati zai sa a gurbinta, ka rasa ko baki ake nufi ko baƙi. Harafin yana nan bai ɓace ba, in ka kwafe kalmar ka liƙa a wani wuri zai fito. Kada a haɗa wannan da ganin `Æ™` a inda ƙ ya kamata ta zauna. Wancan ciwo ne daban, na karanta lambobin haruffa da tsarin da ba nasu ba, kuma ko ado ya iso ba ya warkar da shi.

Wanda ya fi wuya shi ne na tsofaffin saluloli, irin waɗanda ake saye na hannu a Kasuwar Dole. Babu `F12` a salula, kuma agogonta daga rezo take ɗauka, don haka yawanci daidai yake. Matsalarta jerin masu ba da shaida da ta zo da shi daga masana'anta. Android da bai kai 7.1.1 ba bai san tushen shaidar Let's Encrypt ba, ya daɗe yana rayuwa ne da wata tsohuwar gada da aka yi masa, ita kuma ta ƙare a Satumban 2024. Tun daga nan, in adon shafi yana zuwa daga sabar da ke da irin wannan takarda, salular za ta ƙi shi, ko megarka ta kai nawa. Formate ba ya ƙara mata sunan da babu a jerin. Abin da ya yi wa ƙanena aiki shi ne Firefox, domin ita da nata jerin take tafe, ba ta dogara da na salular ba. Sai da muka goge hotunan bikin wata ƴar'uwarmu kafin ta samu wurin zama.