Daren da kwamfutar ƙungiya ta tsaya a kashi 30

Waɗanda suka halarci taron wata da ya gabata sun ga mun karanta lissafin gudummawa daga takarda. Ga dalili.

Daren jajibirin taron, tsohuwar laftof ɗin ƙungiya mai Windows 10 ta shiga sabunta kanta. Allo ya yi shuɗi, ya rubuta "Working on updates 30% complete", ta mutu ta sake tashi da kanta. Muka ɗauka lalacewa ta yi, ga sunayen mambobi da lissafin kuɗi duk a cikinta. Ba a yi minti 20 ba muka danne maɓallin wuta. Nan muka yi kuskure. Sake tashi a wajen kashi 30 ɗabi'ar aikin ce, kuma takan yi haka sau biyu ko uku. Kwamfuta mai tsohon hadis irin tamu tana iya cin awa biyu, wani lokaci uku. Da mun dubi ƙaramar fitilar hadis ɗin, da mun ga tana ƙiftawa, alamar aiki take yi.

Bayan mun kashe ta ne matsalar gaske ta fara. Sai ta kai kashi 30, ta rubuta "Undoing changes", ta mutu, ta dawo wuri ɗaya. Har asuba haka. Wannan kam jira ba ya maganinsa, tunda lamba ɗaya ce da saƙo ɗaya suke ta maimaituwa.

Da safe wani ɗanmu mai gyara ya zo. Ya fara cire filas da firinta, ya jona caja, ya ce a tada inji, don batirinmu ba ya riƙe wuta. Sai ya kunna ta, tambarin Windows na fitowa ya danne maɓallin har ta mutu. Ya maimaita, a tashi na uku ta shiga Automatic Repair. Daga nan ya bi Advanced options, Troubleshoot, ya sake shiga Advanced options, sannan Uninstall Updates, ya zaɓi "Uninstall latest quality update". Ta nemi lambar sirrin shiga, muka ba shi. Cikin rabin awa ta buɗe, fayilolinmu suna nan lafiya, amma lokacin an riga an tashi daga taro.

Ya nuna mana wurin ajiyarta ya kusa cika da bidiyon walima, abin da kan hana sabuntawa kammaluwa. Ya kuma gargaɗe mu kada mu taɓa "Reset this PC" cikin gaggawa, domin ɗaya daga zaɓinsa yana share komai.

Yanzu lissafin ƙungiya yana kan filas biyu, ɗaya wurin sakatare, ɗaya wurin ma'aji. Sabuntawar kuma mun sake yi ranar Lahadi da rana, inji na aiki, ta ɗauki awa ɗaya da minti 40.